Hotuna kaɗan, amma Google ya ce wuri ya cika: yadda za ka gano abin da ajiyar WhatsApp ta cinye, ka rage shi ba tare da ka yi asara ba

Mutum zai buɗe galarin wayarsa ya ƙirga hotuna, ya ga ba su fi ɗari biyu ba, amma kullum Google na aiko masa da gargaɗi cewa wurin ajiyarsa ya kusa cika, ko ma ya cika. Abin da yawancin mutane ke yi shi ne su shiga goge hotunan nan ƙalilan, har da waɗanda suke so, sannan su koma su duba su tarar gargaɗin na nan daram. Dalilin kuwa shi ne ba hotunan galari ne suka cika wurin ba. A wayoyin Android da yawa, abin da ya cinye shi ajiyar WhatsApp ce, wato kwafin hirarraki da fayiloli da WhatsApp ke ɗorawa a asusunka na Google, kuma girman ajiyar nan ba ya bin abin da idonka ke gani a galari. Yana bin abin da ke jibge a cikin foldar WhatsApp ɗin kanta, wadda akasarin abin da ke cikinta ba kai ka ɗauka ba, ba kuma kai ka nema ba.

Abin da ya sa matsalar ta yi yawa a shekarun nan

Duk wanda ya buɗe asusun Google yana samun GB 15 kyauta. Wannan GB 15 ɗin ba na Drive kaɗai ba ne. Gmail da Google Drive da Google Photos duk daga cikinsa suke ci, kuma ajiyar waya ma a nan take zama. Tun daga ƙarshen shekarar 2018, Google ya daina lissafa ajiyar WhatsApp a cikin wannan kason, ma'ana ko ajiyarka ta kai GB 20 ba wanda zai ce maka uffan. Haka aka yi shekara biyar mutane na tara kaya ba su san suna tarawa ba. A watan Disamba na 2023 aka fara sauya tsarin ga masu gwajin manhajar, sannan a farkon 2024 ya game sauran masu Android: ajiyar WhatsApp ta koma cikin lissafin GB 15. Wanda ya kwana da wuri isasshe sai ya wayi gari ana ce masa ya cika, alhali bai ƙara komai ba. Kayan dama suna nan, lissafinsu ne aka fara yi.

Cikar wurin kuma ba ƙaramin abu ba ne, domin ba ajiyar WhatsApp kaɗai ke tsayawa ba. Gmail ma yana daina karɓar saƙo da aikawa. Ɗalibin da ke jiran imel daga makaranta, ko mai neman aiki da ke jiran kira zuwa ganawa, zai iya zama yana jira alhali saƙon ya zo ya koma. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a lamarin, don mutum ba ya sanin abin da ya wuce shi.

Mataki na farko: duba kafin ka taɓa komai

Kada ka goge ko hoto ɗaya sai ka ga lissafin. Buɗe burauza a wayarka ka rubuta wannan adireshin, ka tabbata da asusun da ke kan wayar ka shiga:

```
one.google.com/storage
```

Za ka ga an rarraba maka abin da kowane sashe ya ci: Google Drive, Gmail, Google Photos, ajiyar na'ura, da kuma WhatsApp idan kana yin ajiya. Rubuta alƙaluman a takarda, domin da su za ka gane ko aikin da za ka yi ya yi amfani.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce wata baiwar Allah ce mai sayar da atamfa da leshi ta waya. Tana da layi biyu, ɗaya a kan WhatsApp na yau da kullum, ɗaya a kan WhatsApp Business, duka a kan asusun Google guda. Ta duba ta ga Google Photos ya ci GB 0.9, Gmail GB 1.1, Drive GB 0.6, ajiyar na'ura GB 0.3. Duka waɗannan GB 2.9 ke nan. Sauran GB 12.1 kuwa WhatsApp ne: GB 7.8 na layin gida, GB 4.3 na layin kasuwanci. Da ta bi ta kan hotunan galari, ko ta share su kaf ba ta samu ko GB ɗaya ba.

A lura da abu ɗaya a nan: kowace lamba tana da ajiyarta daban. Layi biyu ajiya biyu ne. Idan kuma ka taɓa ara wa ƙaninka ko mahaifiyarka imel ɗinka aka saita musu waya da shi, to tasu ajiyar ma a wurinka take sauka. Haka lambar da ka daina amfani da ita, ajiyarta na iya zama a can na wani lokaci. Don ganin jerin, shiga manhajar Google Drive, taɓa layuka ukun nan na sama, ka zaɓi `Backups`. Kowace ajiyar WhatsApp za ta fito da lambar wayarta a jiki.

Me ke cikin ajiyar

Rubutun hira ba shi da nauyi. Saƙo mai haruffa dubu bai wuce KB ɗaya ko biyu ba, don haka hirar shekaru da mutum ɗaya ba ta isa ta cika maka wuri ba. Saƙon murya ma yana da sauƙi, minti ɗaya bai kai rabin MB ba, sai dai idan ya taru da yawa. Hoton da aka turo ta hanyar da aka saba, WhatsApp na matse shi, yawanci ba ya kai rabin MB. Nauyin yana wuri uku: bidiyo, sautuka masu tsawo irin na wa'azi da karatu da waƙoƙi, da kuma fayilolin da aka turo a matsayin takarda. Wannan na ƙarshen ba a matse shi, yadda yake haka yake zuwa, kuma tun 2022 WhatsApp ya yarda a tura fayil ɗaya har GB 2.

Yanzu ga dalilin da ya sa ba ka ganinsu. Galari hotuna da bidiyo kawai yake nunawa, ba ya nuna sauti, ba ya nuna takardu. Sannan duk abin da kai ka tura wa wani daga galarinka, WhatsApp na yin kwafinsa ya ajiye a wata folda mai suna `Sent`, kuma wannan foldar a ɓoye take daga galari. Ka goge asalin bidiyon, kwafin na nan. Akwai kuma wani saiti mai suna `Media visibility` da mutane ke kashewa don kada hotunan guruf su cika musu galari. Kashe shi ɓoyewa kawai yake yi. Fayilolin na ci gaba da sauka a waya, suna kuma ci gaba da shiga ajiya. Wanda yake son ya gani da idonsa, ya buɗe manhajar duba fayiloli ya bi wannan hanyar a sababbin wayoyin Android:

```
Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Media
```

A ciki zai ga `WhatsApp Audio`, `WhatsApp Video`, `WhatsApp Documents`, `WhatsApp Voice Notes` da sauransu. Ya duba girman kowacce, amma kada ya yi gogewa daga nan tukuna. Akwai hanyar da ta fi wannan tsafta.

Wani zato da ya kamata a kawar: wasu na ɗauka cewa idan aka saita ajiya kullum, to kullum sabuwa ake ƙarawa a kan ta jiya. Ba haka ba ne. Ajiya ɗaya ce ga kowace lamba, sabuwar tana maye gurbin tsohuwar. Mayar da ita mako-mako ko wata-wata ba ya rage girmanta ko kaɗan, illa ya sa idan waya ta ɓata ka rasa saƙonnin kwanaki masu yawa. Wannan maye gurbin kuwa shi ne mabuɗin gyaran gaba ɗaya: abin da ka cire daga cikin WhatsApp a waya, zai fita daga ajiya a karo na gaba da aka yi ta. A waya ake gyara, sannan Google ya bi.

Mataki na biyu: gano guruf ɗin da ya fi ci

A cikin WhatsApp, shiga `Settings`, sai `Storage and data`, sai `Manage storage`. A sama za ka ga tarin fayiloli biyu, `Larger than 5 MB` da `Forwarded many times`. A ƙasa kuma jerin hirarraki ne, an jera su daga mafi nauyi zuwa mafi sauƙi. Wannan jerin shi ne amsar tambayarka, kuma kusan ko da yaushe sunaye uku ko huɗu na sama su ne suka kwashe mafi yawan wurin.

Mu koma ga mai atamfa. A layin gida ta tarar guruf ɗin tafsiri ya ci GB 3.1, na dangi GB 2.2, na tsofaffin ɗalibai GB 1.4, sauran hirarrakin duka a haɗe GB 1.1. Na tafsirin ne ya fi ba ta mamaki, don babu hoto a cikinsa sai jefi-jefi. Amma lissafin a fili yake. Karatun awa ɗaya a sauti mai matsakaicin inganci yana kai kimanin MB 30. A watan azumi, kwana talatin, malami ɗaya ya ba da MB 900 ke nan. Idan ana turo na malamai uku, an kai GB 2.7 a wata guda, kuma ba ko ɗaya da zai bayyana a galari. Guruf ɗin tsofaffin ɗalibai kuwa ta daɗe da fita daga cikinsa, sai dai fita daga guruf ba ya share abin da aka riga aka sauke. Haka mayar da hira `Archived`, kau da ita daga ido ne kawai.

A layin kasuwanci, masu ba ta kaya ne ke turo samfuri kullum. A ce hoto arba'in a rana, kowanne KB 200, MB 8 ke nan. Bidiyo biyar na MB 8 kowanne, MB 40. A haɗa, MB 48 a rana. A wata uku an haura GB 4. Yawancin kayan nan an sayar da su tuntuni, zanen ma ya fita daga kasuwa, amma bidiyonsa na nan zaune a cikin ajiyar Google.

Mataki na uku: ka fitar da abin da kake so kafin ka share

Nan ne ake yin asara, don haka a bi a hankali. A Android, hoton WhatsApp da kake gani a galari da wanda ke cikin hira yawanci fayil ɗaya ne. Idan ka share shi daga `Manage storage`, ya tafi daga galarin ma. Kuma da zarar an yi sabuwar ajiya, ya tafi daga Google. Babu kwandon shara da za ka je ka ɗauko shi.

Saboda haka fara da kwafewa. Karatun da kake son ci gaba da saurare, bidiyon ɗaurin aure ko suna, muryar wani dattijo da ya rasu, rasit ɗin ciniki: buɗe manhajar fayiloli ka kwafe su zuwa wata folda da ke wajen foldar WhatsApp, ko zuwa memori, ko filas, ko kwamfuta. Bayan ka kwafe, buɗe biyu ko uku daga sabon wurin ka tabbata suna kunnuwa. Idan abin na da matuƙar daraja, ka ajiye shi wuri biyu, don memori ma yana lalacewa ba sallama. Abin da ke wajen foldar WhatsApp ba ya shiga ajiyar WhatsApp, ko da yana kan wayar.

Sai sharewa. A `Manage storage`, buɗe guruf ɗin, ka jera fayilolin daga mafi girma, ka zaɓi waɗanda ba ka buƙata ka share. Fayil ashirin na sama sukan fi dubu na ƙasa nauyi, don haka kada ka ɓata lokaci a kan ƙananan hotuna. Guruf ɗin da ba ka da sauran buƙatarsa gaba ɗaya, buɗe shi ka zaɓi `Clear chat`, kuma ka tabbata ka sa alama a akwatin da ke tambaya ko a share har da fayilolin da ke kan waya. Idan ba ka sa alamar ba, rubutun ne zai tafi, nauyin ya zauna a wayar.

Mai atamfa ta kwashe tafsirin zuwa memori ta share, guruf ɗin ya sauko daga GB 3.1 zuwa GB 0.4. Na dangi ta ware bidiyon bukukuwan gidansu ta ajiye, ta share barkwanci da gaisuwar Juma'a da ake ta turowa, ya dawo GB 0.7. Na tsofaffin ɗalibai ta share shi ɗungurungum. Layin gida ya koma GB 2.2. A layin kasuwanci ta bar hirarrakin abokan ciniki yadda suke, don a nan shaidar biya da alƙawari suke, ta share samfuran da suka wuce wata ɗaya, ya dawo GB 1.3.

Batun bidiyo a cikin ajiya

A `Settings`, `Chats`, `Chat backup` akwai maɓallin `Include videos`. Idan a kunne yake, duk bidiyon da ke cikin hirarrakinka yana hawa. Kashe shi na rage ajiya sosai ga mafi yawan mutane, kuma shawarata ita ce a kashe shi, amma a san farashinsa: ranar da ka canza waya ko aka sace ta, saƙonni da hotuna za su dawo, bidiyo ba za su dawo ba. Don haka wanda ya kashe shi ya ɗauki al'adar fitar da bidiyo masu muhimmanci da hannunsa. A kuma sani cewa maɓallin nan bidiyo kawai yake hanawa. Sauti da takardu suna ci gaba da shiga, shi ya sa mai guruf ɗin karatu zai kashe shi ya ga ajiyar ba ta ragu da wani abin kirki ba.

Mataki na huɗu: yi sabuwar ajiya, sannan ka sake dubawa

Sharewa a waya ba ta sauya komai a Google sai an yi sabuwar ajiya. A shafin `Chat backup`, taɓa `Back up`, ka bar wayar a caji a kan intanet mai ƙarfi har ta gama. Idan ta gama, za ka ga lokaci da sabon girman a rubuce a saman shafin. Mai layi biyu ya yi haka a kowace manhaja. Daga nan ka koma adireshin farko ka gwada da abin da ka rubuta a takarda. Alƙaluman Google kan ɗan yi jinkiri kafin su sauya, don haka idan ba ka ga bambanci nan take ba, ka bari zuwa gobe. A misalinmu, WhatsApp ya sauko daga GB 12.1 zuwa GB 3.5, jimillar ta koma GB 6.4, saura GB 8.6 a buɗe.

Wani lokaci ajiyar kan ƙi tafiya saboda asusun ya riga ya cika maƙil. Idan haka ta faru, ka samar mata ɗan wuri daga wani ɓangaren. Zubar da kwandon shara na Drive, domin abin da ke cikin kwandon ana lissafa shi har sai an zubar, kuma yakan yi kwana 30 kafin ya zube da kansa. A Gmail, rubuta wannan a wurin bincike don manyan saƙonni su fito:

```
larger:10M
```

Share waɗanda ba ka buƙata, ka zubar da `Trash` da `Spam`, sannan ka sake gwada ajiyar.

Abin da nake roƙon kowa ya guje masa shi ne fara share ajiyar WhatsApp daga Drive don a samu wuri cikin gaggawa. Wurin zai buɗe, gaskiya ne, amma daga wannan lokacin har a gama sabuwar ajiya, hirarrakinka a waya ɗaya kaɗai suke. Idan ta faɗa ruwa ko aka fizge ta a wannan tsakanin, shi ke nan. Sannan idan ba ka rage kayan da ke waya ba, ajiyar gaba za ta mayar da su duka, ka ƙone data a banza ka dawo inda kake. Ajiyar da ta halatta a share kai tsaye ita ce ta lambar da ka tabbata ba ka da sauran buƙatarta. Idan ta wani ce da aka saita da imel ɗinka, ka fara gaya masa ya sauya asusu a wayarsa ya yi sabuwar ajiya, sannan ka share.

Kwafi biyu ba tare da saninka ba

Idan lissafin farko ya nuna Google Photos ya yi nauyi alhali kai ba mai ɗaukar hoto ba ne, duba wannan. A manhajar Google Photos, shiga saitin `Backup`, sai `Back up device folders`. Idan foldojin `WhatsApp Images` da `WhatsApp Video` a kunne suke, to duk hoton da aka turo maka yana hawa sau biyu, sau ɗaya cikin ajiyar WhatsApp, sau ɗaya cikin Google Photos. Tun ranar 1 ga Yuni 2021 duk sabon abin da ya hau Google Photos ana cire shi daga GB 15 ɗin. Kashe foldojin nan yana tsayar da sababbi, amma waɗanda suka riga suka hau sai ka bi su ka share da kanka.

Sauran manhajoji

A Android, ajiyar na'ura ta ƙunshi jerin manhajojinka da saitunansu, tarihin kira, saƙonnin tes da saitin waya. Yawanci ba ta da girma, domin tsarin ajiyar Android na kai tsaye ya ƙayyade wa kowace manhaja MB 25. Sai dai wasu manhajoji, irin na naɗar kira ko na rubuta bayanai, suna buɗe wa kansu ɓoyayyen wuri a cikin Drive ɗinka, wanda ba ya fitowa a jerin fayiloli. Don ganinsa sai ka buɗe Drive a burauzar kwamfuta, ka shiga `Settings`, sai `Manage apps`. Duk manhajar da ke da irin wannan za ka ga an rubuta `Hidden app data` da girmansa a ƙarƙashinta. Idan ka daina amfani da manhajar, kana iya share shi daga nan. Telegram kuwa a na'urorin kamfaninsa yake ajiye hirarraki, don haka yana iya cika maka waya amma ba ya taɓa kason Google.

Ga masu iPhone lamarin ya fi matsi, domin Apple GB 5 kawai yake bayarwa kyauta a iCloud, kuma ajiyar na'urar tana kwasar bayanan manhajoji da yawansu. Matsalar da aka fi samu ita ce WhatsApp ya hau sau biyu: ta ajiyarsa ta cikin manhaja, da kuma ta cikin ajiyar wayar gaba ɗaya. Shiga `Settings`, taɓa sunanka, sai `iCloud`, ka buɗe sashen sarrafa wurin ajiya, sai `Backups`, ka zaɓi wayarka. Za ka ga jerin manhajoji da girman kowacce. Idan kana yin ajiya ta cikin WhatsApp kuma ka tabbata tana tafiya, kashe shi a wannan jerin. A nan kuma za ka ga ajiyar tsohuwar iPhone da ka sayar ko ka kyautar, idan tana nan. Wani abin da ke rikita mutane shi ne WhatsApp na buƙatar wuri a buɗe da ya ɗan haura ninki biyu na girman ajiyar, a iCloud da kuma a waya, kafin ya iya yin ta. Ajiyar GB 3 ba za ta yiwu a kan GB 5 na kyauta ba, ko da ba hoto ko ɗaya a ciki.

Yadda za ka hana shi sake cika

Idan ka tsaya a sharewa, bayan 'yan watanni za ka dawo gidan jiya. Dole a toshe ta inda kayan ke shigowa. A `Storage and data` akwai sashen `Media auto-download` mai layi uku. Layin data yawanci hotuna kawai yake saukewa, amma layin Wi-Fi a buɗe yake ga komai, kuma waya ba ta bambanta Wi-Fi ɗin ofis da ƙaramar na'urar intanet ta gida ko wanda aboki ya kunna maka daga wayarsa. Da ta haɗu, duk abin da guruf-guruf suka tara sai ya kwararo. Cire alamar sauti, bidiyo da takardu a duka layukan. Daga nan, ban da hotuna, abin da ka taɓa da yatsanka kaɗai zai sauka, abin da bai sauka ba kuwa ba ya ƙara wa ajiya nauyi. Saƙon murya kuwa yana sauka da kansa ko yaya ka saita.

Ga guruf masu yawan surutu akwai `Disappearing messages`, inda saƙonni ke ɓacewa bayan awa 24, kwana 7 ko kwana 90. Ya dace da guruf ɗin samfuran kaya ko na labarai, amma saitin ya shafi kowa a cikin hirar, kuma sababbin saƙonni kawai yake kamawa. Kada a kunna shi a hirar da ake ciniki ko bashi, inda wata rana za a nemi shaida.

Sayen ƙarin wuri ma hanya ce. Google One na da tsarin GB 100, iCloud kuma na farawa daga GB 50, ana biya wata-wata. Ga mai kasuwancin da hirarrakinsa su ne littafin cinikinsa, kuɗin ya cancanta. Amma ya fara yin tsaftar nan tukuna, domin bai kamata a riƙa biyan haya saboda bidiyon da ba za a sake kallo ba, kuma idan kati ya ƙi biya har aka yanke tsarin, asusun zai koma GB 15 da kaya fiye da kima, Gmail ya sake tsayawa. Mai layi biyu yana da wata mafita ta kyauta: a shafin `Chat backup` na WhatsApp Business ya zaɓi wani asusun Google daban, kowane layi ya samu nasa GB 15. Sharaɗin shi ne ya riƙe kalmar sirrin asusun biyu da kyau, domin ranar mayar da hira a sabuwar waya, sai lambar da asusun da aka yi ajiyar da su sun haɗu kafin WhatsApp ya gano ta.